Idan Gwaji Ya Ce Akwai Cuta: Lissafin Bayes da Takardar Wata Amarya

Mai karatu, bayan sallar Magariba ne wata maƙwabciyarmu a Tirkaniya ta yi sallama a ƙofar gidanmu, 'yarta na biye da ita, ta lulluɓe fuska da mayafi. Saura mako uku a ɗaura wa yarinyar aure. Kamar yadda ya zama al'ada yanzu a masallatai da majami'u da dama, an nemi ita da angon su kawo takardar gwajin jini, suka je wani ƙaramin ɗakin gwaji, aka soki yatsa, aka ɗiga jini a kan ɗan tsinken gwaji. Na angon layi ɗaya ya fito. Nata ya fito da layi biyu. Aka rubuta a takarda cewa gwajin cuta mai karya garkuwar jiki, wadda aka fi sani da ƙanjamau, ya nuna alama, aka miƙa musu, suka fito.

Uwar ta ajiye takardar a kan cinyata, ta ce, "'Yar nan, ke ce kike aikin asibiti. Mun tambayi mai gwajin ko abin nan yana kuskure, ya ce da wuya, domin ingancinsa ya kai kashi casa'in da tara cikin ɗari. Ki gaya mini gaskiya, shi ke nan?"

Na ce, "Inna, gwaji nawa aka yi mata?"

Ta ce ɗaya.

Na ce to ba a gama ba tukuna. Ban ce mata 'yarta lafiya lau take ba, domin ban sani ba, kuma babu wanda ya sani a wannan daren. Abin da na iya gaya mata shi ne, mutumin da ya ba ta lambar casa'in da tara bai yi mata ƙarya ba, amma ya amsa wata tambaya daban da wadda ta yi. Wannan bambanci shi nake so in warware maka a yau, saboda ni mai harhaɗa magunguna ce, kuma tagar ɗakin magani ita ce inda takardun gwaji suke ƙarewa. Duk kuskuren da aka yi a baya, a hannuna yake komawa ƙwaya, mutum ya tafi gida ya haɗiya.

Tambayar da mai gwajin ya amsa ita ce: idan mutum yana ɗauke da cutar, sau nawa gwajin yake kama ta? Tambayar da uwar ta yi kuwa ita ce: tun da gwajin ya nuna alama, mene ne yiwuwar 'yata tana ɗauke da cutar? A kunne kamar abu ɗaya ne, amma kama da wane ba wane ba ne. Kusan duk lokacin da aka yi ruwa, an ga hadari kafin ya sauko. Wannan ba ya nufin duk hadarin da ya haɗu sai an yi ruwa. Manomi ya san haka, kuma ya san abin da ya fi haka: idan gabas ta yi duhu a watan Agusta, yakan tattara shanyarsa da gaggawa, amma idan ta yi irin wannan duhun a watan Janairu, sai ya ce hazo ne, ya ci gaba da aikinsa. Alamar ɗaya ce a sama. Abin da ya bambanta shi ne yawan saukar ruwa a kowane wata, kuma manomin yana sa wannan a lissafinsa ko da bai taɓa shiga aji ba.

Wannan hankali na manomi shi ne wani limamin coci ɗan Ingila, Thomas Bayes, ya mayar da shi ƙa'idar lissafi. Ya rasu a 1761 bai buga aikin ba, sai abokinsa Richard Price ya samo shi a cikin takardunsa, aka buga a 1763. Daga baya masanin lissafi na Faransa, Laplace, ya faɗaɗa shi. Abin da ƙa'idar take cewa a taƙaice shi ne, sabuwar shaida ba ta share abin da aka sani kafin zuwanta, tana gyara shi ne kawai. Sakamakon gwaji shaida ce. Abin da aka sani kafinsa kuwa shi ne yawan masu cutar a cikin irin mutanen da aka yi wa gwajin. Wanda ya manta da wannan na biyun, ya karanta takarda ita kaɗai, zai yi kuskure ko da gwajin nagari ne.

Kowane gwaji yana da ƙarfi iri biyu. Na farko zan kira shi ƙarfin kamawa: a cikin masu cutar ɗari, nawa yake ganowa. Na biyu zan kira shi ƙarfin wankewa: a cikin marasa cutar ɗari, nawa yake sallama da cewa ba su da ita. Hukumar Lafiya ta Duniya ba ta amincewa da tsinken gwajin ƙanjamau na gaggawa sai ƙarfin kamawarsa ya kai aƙalla kashi 99 cikin 100, ƙarfin wankewarsa kuma aƙalla kashi 98 cikin 100. Waɗannan lambobi ne masu kyau ƙwarai, gwaje-gwaje kaɗan ne a asibiti suke kai su. Sai dai ka lura da abin da kashi 98 yake nufi: a cikin kowane mutum ɗari masu lafiya, biyu za su iya ganin layi na biyu alhali ba su da komai.

Lamba ta uku da muke bukata ita ce yawan cutar a cikin jama'a. Babban binciken da aka gudanar gida-gida a faɗin Nijeriya a 2018, wanda aka bayyana sakamakonsa a watan Maris na 2019, ya nuna cewa kashi 1.4 cikin 100 na mutanen da ke tsakanin shekara 15 da 49 ne suke ɗauke da cutar. Wato mutum 14 a cikin kowane 1,000.

Yanzu bari mu bar maganar kashi-kashi, mu ƙirga mutane, domin a nan ne abin yake fitowa fili. A daren nan ma haka na yi, a bayan wani tsohon kwalin magani, uwar tana kallo. Ka ɗauka an tara mutum 10,000 masu shirin aure, waɗanda ba su da wata alamar rashin lafiya, an yi wa kowa gwaji ɗaya. A cikinsu mutum 140 suna ɗauke da cutar, 9,860 ba su da ita. Daga cikin 140 ɗin nan gwajin zai kama 139, ɗaya ya kuɓuce masa. Daga cikin 9,860 masu lafiya kuwa, kashi 2 cikin 100 za su ga layi biyu bisa kuskure, wato mutum 197. Idan aka ce duk wanda takardarsa ta nuna alama ya shiga ɗaki ɗaya, za a sami mutum 336 a ciki, kowa da irin takardar da ke kan cinyata. Masu cutar a cikinsu 139 ne. Sauran 197 lafiyarsu ƙalau.

Raba 139 da 336, za ka sami kusan kashi 41 cikin 100. Ke nan a cikin wannan ɗaki, marasa cutar sun fi masu ita yawa, ko da yake gwajin bai gaza ko kaɗan daga abin da aka yi alkawari ba. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Ƙaramin kuskure a kan jama'a masu ɗimbin yawa ya fi babban daidai a kan mutane 'yan kaɗan yawa. Kashi 2 na dubu tara da ɗoriya ya rinjayi kashi 99 na ɗari da arba'in.

Ga wanda yake son ganin ƙa'idar yadda ake rubuta ta a littattafan lissafi, ga ta:

```
P(A|B) = P(B|A) × P(A) / P(B)
```

A nan A na nufin mutum yana da cutar, B na nufin gwaji ya nuna alama. P(A) shi ne yawan cutar a cikin jama'a, 0.014. P(B|A) shi ne ƙarfin kamawa, 0.99. P(B) kuwa shi ne duk masu layi biyu a haɗe, na gaskiya da na kuskure. Abin da ke hagu, P(A|B), shi ne tambayar uwar amarya. Wanda bai gane alamomin ba bai yi asarar komai ba, domin ƙirgar mutanen da muka yi a sama ita ce ƙa'idar gaba ɗayanta, sai dai an tuɓe mata rigar boko.

Dole in yi adalci ga tsinkayen gwajin. Kashi 98 shi ne mafi ƙarancin abin da ake karɓa, kuma da yawansu sun fi haka idan an adana su da kyau aka yi aiki da su bisa ƙa'ida. Mu ɗauka ƙarfin wankewar ya kai 99.5. Masu layi biyu na kuskure za su ragu daga 197 zuwa 49, yiwuwar cutar ta tashi zuwa kusan kashi 74. Ya fi, amma har yanzu mutum ɗaya a cikin kowane huɗu da ke ɗakin nan ba shi da komai. Babu uwar da za ta yarda a fasa auren 'yarta, ko a ɗora ta a kan magani na har ƙarshen rai, a kan hukuncin da yake kuskure sau ɗaya cikin huɗu.

Kada ka ɗauka mai gwajin nan jahili ne na musamman. A 1978 wasu likitoci, Casscells da abokan aikinsa, sun yi wa mutum 60 a asibitocin koyarwa na Jami'ar Harvard irin wannan tambaya, cikinsu da manyan likitoci da ƙanana da ɗaliban ajin ƙarshe. Suka ce cuta ce da ke kama mutum 1 cikin 1,000, gwajinta kuma yana nuna alamar ƙarya ga kashi 5 cikin 100 na masu lafiya. Idan ya nuna alama ga wani, mene ne yiwuwar yana da ita? Kusan rabinsu suka ce kashi 95. Amsar daidai kusan kashi 2 ce, kuma mutum 11 kaɗai suka same ta. Ni kaina na ci jarrabawar wannan darasi a jami'a, amma sai da na yi shekaru a bakin aiki kafin ya zauna mini a kai. Ƙwaƙwalwar ɗan Adam tana riƙe lambar da aka faɗa da ƙarfi, ta saki wadda ba a ambata ba, kuma yawan cuta a cikin jama'a lamba ce da ba a taɓa rubutawa a takardar sakamako.

Abin da ya fi ba ni mamaki a wannan lissafi shi ne, takarda iri ɗaya tana da ma'ana daban a hannun mutane daban. Binciken 2018 ya nuna cewa cutar ba ta bazu daidai a ƙasar ba. A Akwa Ibom ta haura kashi 5 cikin 100, a Katsina da Jigawa kuwa ba ta kai rabin kashi 1 ba. Idan muka sake ƙirgar mutum 10,000 a inda cutar take kashi 5, masu layi biyu na gaskiya 495 ne, na kuskure 190, wato yiwuwar ta haura kashi 70. A inda take mutum 3 cikin 1,000 kuwa, na gaskiya 30 ne kacal, na kuskure kusan 200, yiwuwar ta sauko zuwa wajen kashi 13. Tsinke ɗaya, daga kwali ɗaya, layi biyu iri ɗaya.

Kuma ba jiha kaɗai ba ce take canja lissafin. Tarihin mutum ya fi jiharsa nauyi. Matar da aka tabbatar mijinta yana ɗauke da cutar, ko mutumin da ya zo da tarin fuka da rama da gudawar da ta ƙi tsayawa, ko wanda aka taɓa ƙara wa jinin da ba a tantance ba, ba sa cikin taron masu shirin aure 10,000 ɗin nan. Taronsu daban ne, inda masu cutar suke da yawa tun kafin a soki yatsa. Idan a irin taronsu mutum 1 cikin 5 ne yake da ita, layi biyu yana nufin yiwuwar da ta haura kashi 90. Shi ya sa tambayoyin da ma'aikacin lafiya yake yi kafin gwaji, waɗanda wasu suke ɗauka shisshigi ne, suke da amfani: yana neman ya san taron da za a lissafa ka a ciki. Wanda ya ɓoye gaskiya a nan, lissafin kansa ya ɓata.

To mece ce mafita? Ita ce gwaji na biyu, da wani tsinke na kamfani daban. Mu koma ɗakinmu mai mutum 336. Yanzu ba jama'ar gari muke gwadawa ba, inda cutar take 14 cikin 1,000. Muna gwada taron da kashi 41 cikinsu suke da ita. Sakamakon jiya ya zama mafarin lissafin yau. A cikin masu cutar 139, gwaji na biyu zai kama 138. A cikin marasa ita 197, kashi 2 ne kawai za su sake nuna alama, wato mutum 4. Sauran 193 an wanke su. Waɗanda suka nuna alama sau biyu sun zama 142, kuma 138 daga cikinsu masu cutar ne, wato kashi 97. Idan aka ƙara na uku, yiwuwar takan wuce kashi 99 da nisa.

Wannan shi ne dalilin da ya sa tsarin da aka daɗe ana bi a asibitocin Nijeriya yake hawa-hawa: a fara da Determine, idan ya nuna alama a tabbatar da Uni-Gold, idan biyun sun saɓa a kawo Stat-Pak. Kuma tun 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada a ce wa mutum yana ɗauke da cutar sai gwaji uku daban-daban sun nuna alama a jere. Hujjarta lissafin Bayes ce tsantsa: yayin da masu cutar da ba a gano ba suke raguwa a cikin masu zuwa gwaji, kason alamun ƙarya yana ƙaruwa, don haka gwaji biyu da suka wadatar a da ba lalle su kai kashi 99 da ake bukata ba. Hukumar ta kuma ce a sake gwada mutum kafin a fara ba shi magani. Wannan matakin na ƙarshe ya shafe ni kai tsaye, domin maganin ƙanjamau idan an fara shi ba a dainawa, kuma bayan an daɗe ana sha, gwaje-gwajen da za su warware shakka sukan yi wuyar fassarawa.

Akwai wata iyaka a lissafin nan da ya kamata ka sani. Ya ginu ne a kan zaton cewa kuskuren gwaji na farko ba shi da alaƙa da na biyu. Tsinken gaggawa ba ƙwayar cutar yake gani ba, galibi yana neman sinadaran kariya ne da jiki yake ƙerawa don yaƙar ta. Wani lokaci jiki yana ɗauke da wasu sinadaran kariya masu kama da su, daga wata cuta daban ko wani yanayi na jiki, sai su manne a tsinken su fito da layi. Idan aka maimaita da tsinke iri ɗaya, abin da ya ruɗe shi da safe zai sake ruɗa shi da yamma. Mutumin da ya zaga ɗakunan gwaji uku a Kakuri da Nasarawa da Sabon Tasha, kowanne ya yi masa da tsinken kamfani ɗaya, bai yi gwaji uku ba. Ya yi ɗaya ne sau uku.

Sauran hanyoyin kuskure na hannun mutane ne, kuma su na fi sani, tun da adana kaya aikina ne. Yawancin tsinkayen nan an rubuta a kwalinsu a ajiye su tsakanin digiri 2 da 30, alhali kowa ya san yadda ɗaki mai rufin kwano yake a Kaduna a watan Maris da Afrilu idan babu wuta. Akwai tsinken da wa'adinsa ya wuce. Akwai karantawa bayan lokacin da aka ƙayyade, inda wani dishi-dishin layi yakan bayyana a ɗauke shi a matsayin alama. Akwai kuma mafi sauƙi kuma mafi muni, wato musanya suna a ranar da layi ya yi tsawo. Duk waɗannan suna rage ƙarfin wankewa daga abin da aka rubuta a takardar kamfani, kuma ka riga ka ga yadda ɗan ragi kaɗan a wannan lamba yake cika ɗaki da masu lafiya.

Ba ƙanjamau kaɗai abin ya shafa ba. Kullum ana zuwa tagata da takardar gwajin Widal, ana neman maganin taifod. Gwaji ne tun na 1896, yana auna sinadaran kariya, kuma a ƙasa irin tamu mutane da yawa suna ɗauke da su daga tsohuwar haɗuwa da ƙwayar ko danginta, har zazzaɓin cizon sauro ma yana iya ɗaga shi. Ƙarfin wankewarsa bai kusanci na tsinken ƙanjamau ba, kuma ana yi wa kusan duk mai zazzaɓi. Ka sa wannan a lissafin da muka yi, za ka gane dalilin da ya sa rabin unguwa suke cewa suna da "taifod da maleriya" duk wata, suna shan magungunan kashe ƙwayoyin cuta da ba sa bukata. Wannan magana ce mai tsawo, sai wani makon.

Yanzu ga gargaɗin da ya fi damuna, domin na san yadda ake tsinke magana a yaɗa rabinta. Duk abin da na faɗa game da kashi 41 ya shafi gwaji ɗaya ne, na farko, ga mutumin da ba shi da alama kuma ba shi da wani dalili na musamman. Bai shafi wanda aka tabbatar masa ta cikakken tsari ba. Na taɓa zama da wani magidanci da gwaje-gwaje daban-daban suka nuna alama a jikinsa, aka auna yawan ƙwayar a jininsa aka gan ta, amma ya ce ya ji ana cewa gwaji yana ƙarya, ya ajiye maganinsa wata biyar. Da ya dawo, ɗauko shi aka yi. Lissafin da yake cewa kada a yanke hukunci da gwaji ɗaya, shi ne dai yake cewa bayan uku shakka ta ƙare. Idan an tabbatar maka, ka riƙe maganinka. Masu shan sa a kan lokaci suna rayuwa mai tsawo, suna aure, suna haihuwar 'ya'ya masu lafiya.

Haka kuma layi ɗaya yana da tasa iyakar. A cikin taronmu na 10,000, waɗanda gwaji ya sallama sun haura 9,600, kuma ɗaya kaɗai ne a cikinsu yake da cutar, don haka sakamako ne mai ƙarfi sosai. Amma jiki yana ɗaukar makonni kafin ya ƙera sinadaran kariyar da tsinke yake nema, wani lokaci har wata uku. Wanda ya san ya shiga haɗari kwanan nan, layi ɗaya na yau bai isa ya kwantar masa da hankali ba, sai ya koma. Jarirai kuma nasu daban ne: jaririn da mahaifiyarsa take da cutar yana iya ɗauke da sinadaran kariyarta har zuwa wata 18 ko da shi ba ya da ƙwayar, shi ya sa ake yi masa gwajin da ke neman ƙwayar kanta.

Idan wata rana aka miƙa maka irin wannan takarda, ko aka miƙa wa naka, tambayoyin da za ka yi ba su da yawa. Gwaji nawa aka yi, kuma da tsinke iri nawa? Wannan na tantancewa ne ko na tabbatarwa? A ina ake yin na gaba? Duk ma'aikacin da ya san aikinsa zai amsa maka ba tare da ɓacin rai ba. Kafin a kammala kuwa, ka riƙe maganar tsakaninka da ma'aikacin lafiya, ka kuma kiyaye abokin zamanka kamar sakamakon gaskiya ne, domin kashi 41 ba ƙaramin abu ba ne.

Washegari da safe na raka yarinyar wata cibiya da ake bin cikakken tsari. Aka zauna da ita ita kaɗai, aka yi mata tambayoyi, aka ɗebi sabon jini. Tsinken farko ya sake fitowa da layi biyu, na biyun dishi-dishi. Na ga hannunta yana rawa. Tsinke na biyu ya fito da layi ɗaya, na uku ma haka. Aka rubuta mata cewa ba ta ɗauke da cutar, aka ce ta dawo bayan wata uku don a rufe maganar, ta koma, sakamakon bai canja ba.

Sai dai takardar farko ta riga ta yi tafiyarta. Angon ya nuna wa yayarsa tun a daren, yayar ta gaya wa mahaifiyarsu, kafin gari ya waye maganar ta kai gidaje uku. Da aka kai musu takarda ta biyu, wani kawun angon ya ce ai an ga wadda ta yi rakiyar, ma'aikaciyar asibiti ce, su suka san yadda suke gyara takardu. Sai da waliyyin amarya ya ce a zaɓi duk asibitin da suka yarda da shi, a je da wakilinsu, a sake. Aka je, aka sake, aka sami abin da aka samu a da. An ɗaura auren bayan wata huɗu maimakon mako uku, kuma kawun bai halarta ba.

Kwalin maganin da na yi lissafi a bayansa yana wurin uwar har yanzu. Kwanakin baya ta aiko ƙaramin ɗanta ya tambaye ni ko lambobin nan za su yi aiki a kan gwajin ciwon hanta, domin an yi wa ɗan ƙanwarta gwaji ɗaya a wurin neman aiki, an ce ya nuna alama. Na ce ya gaya mata hanyar lissafin ɗaya ce amma lambobin daban ne, domin ciwon hanta nau'in B ya fi ƙanjamau yawa a cikinmu nesa ba kusa ba, don haka alamarsa ta farko ta fi nauyi. Na ce yaron ya zo da takardar ranar Asabar, in ga irin gwajin da aka yi masa, in gaya masa inda zai je a tabbatar.